Haɗin ayonik, kobalen da na ƙarfe: tambayoyi da amsoshi kan zafin narkewa da ɗaukar lantarki a jarrabawa

Waɗannan tambayoyi ne da ɗaliban kemistiri na ajin ƙarshe na sakandare suka fi yi idan jarrabawar WAEC, NECO ko JAMB ta gabato. Yawancin ɗalibai sun haddace ma'anar haɗi ukun. Inda maki ke zubewa shi ne wurin da aka ce a bayyana dalili. Duk tambayar da ta shafi narkewa tana neman ka faɗi wane ja ne zafi ke karyawa. Duk wadda ta shafi lantarki tana neman ka faɗi wane abu ne mai caji yake da damar motsi. Amsoshin da ke ƙasa sun bi waɗannan biyun ne. Duk ma'aunin zafi da aka kawo a digirin Salshiyas yake.

Daga fomula kawai, ta yaya zan gane irin haɗin da ke cikin abu?

Ka fara duba su waye suka haɗu. Idan ƙarfe ne ya haɗu da sinadarin da ba ƙarfe ba, kamar NaCl, MgO ko CaCl₂, haɗin ayonik ne. Ƙarfen ya ba da ilektaron ɗin zagayensa na waje, ɗayan ya karɓa, sai aka samu ayon mai cajin + da ayon mai cajin −. Sodiyom yana da tsarin 2,8,1, kulorin kuma 2,8,7. Bayan musayar, Na⁺ ya koma 2,8, Cl⁻ ya koma 2,8,8.

Idan dukansu ba ƙarfe ba ne, kamar H₂O, CO₂, CH₄ ko Cl₂, haɗin kobalen ne. Ba wanda ya ba wani, tarayya suka yi a kan ilektaron biyu-biyu, kuma nukiliyas ɗin kowanne yana jan wannan biyun da aka yi tarayya a kansu.

Idan ƙarfe ne zalla, ko gaurayen ƙarafa kamar tagulla, haɗin ƙarfe ne. Kowace zarra ta saki ilektaron ɗinta na waje, ta zama ayon mai cajin +, ilektaron ɗin kuma suna yawo a tsakanin ayon ɗin duka ba tare da sun zama na wata zarra ɗaya ba.

Akwai abu guda da ya kamata a gyara tun daga nan. Ba da ilektaron shi ne yadda ayon ke samuwa, amma ba shi ne haɗin ba. Haɗin ayonik shi ne jan da ke tsakanin caji biyu masu saɓani bayan ayon ɗin sun samu. Wanda bai bambance waɗannan ba zai kasa bayyana zafin narkewa, domin zafi ba ya mayar da ilektaron ga mai shi, janyewar ayon daga juna kawai yake yi.

Me ya sa gishiri sai ya kai 801 kafin ya narke?

Domin babu ƙaramin molekul a cikin gishiri da za a ware shi shi kaɗai. A cikin ƙwayar gishiri, kowane Na⁺ yana kewaye da Cl⁻ shida, kowane Cl⁻ kuma yana kewaye da Na⁺ shida, haka tsarin yake maimaituwa ta kowane ɓangare har iyakar ƙwayar. Wannan ƙaton tsari shi ake kira latis. Fomular NaCl rabo kawai take nunawa, ɗaya bisa ɗaya. Kafin gishiri ya zama ruwa-ruwa dole zafi ya rinjayi jan da ke riƙe da kowane ayon ta fuska shida, kuma jan yana da ƙarfi. Shi ya sa za ka zuba gishiri a busasshiyar tukunya a kan garwashi ya yi ta ƙara yana tsalle amma bai narke ba.

Ana yawan biyo bayan wannan tambaya da kwatance. MgO yana narkewa a 2852, NaCl a 801, alhali tsarin latis ɗinsu iri ɗaya ne. Dalilin biyu ne, kuma ana son ka faɗe su duka. Na farko girman caji: Mg²⁺ da O²⁻ kowanne yana da caji biyu, Na⁺ da Cl⁻ kowanne ɗaya. Na biyu girman ayon: Mg²⁺ ya fi Na⁺ ƙanƙanta, O²⁻ ya fi Cl⁻ ƙanƙanta, don haka sun fi matsowa kusa da juna, jan ya ƙaru. Saboda wannan juriya ce ake amfani da MgO wajen shafe cikin tanderun narkar da ƙarfe.

Idan caji bai canza ba, girman ayon kaɗai ke yanke hukunci. NaF yana narkewa a 993, NaCl a 801, NaBr a 747, NaI a 661. Duk lokacin da ayon mai cajin − ya ƙara girma, tazara na ƙaruwa, jan na raguwa.

Tunda gishiri cike yake da ayon masu caji, me ya hana shi ɗaukar lantarki yana daskare?

Samun caji bai isa ba, sai mai cajin ya iya tashi daga wani wuri zuwa wani. A daskararren gishiri ayon ɗin suna nan, amma kowanne yana kafe a mazauninsa, kakkarwa kawai yake yi. Da zarar an narkar da shi da zafi, ko an jiƙa shi a ruwa, latis ya rushe, Na⁺ ya kama hanyar sandar da ke da cajin −, Cl⁻ ya kama hanyar mai cajin +, wannan tafiyar ita ce gudun lantarki.

Kuskure biyu ne suka fi yawa a nan. Wasu su rubuta cewa narkakken gishiri yana ɗaukar lantarki saboda ilektaron sun samu 'yanci. Wannan ba daidai ba ne, kuma kalma ɗayar nan tana iya cinye makin duka. A narkakken gishiri da ruwan gishiri, ayon ne ke tafiya. Wasu kuma su rubuta cewa narkarwa ce ke samar da ayon. Ayon ɗin suna nan tun gishirin yana daskare, narkarwa sakin su kawai ta yi.

An ce haɗin kobalen yana da ƙarfi. To me ya sa ƙanƙara ke narkewa a 0, kafur kuma a 80?

Wannan ita ce tambayar da ta fi kowace cin makin ɗalibai, don haka za mu daɗe a kanta.

A cikin abu mai ƙananan molekul akwai ja iri biyu. Akwai haɗin kobalen da ke cikin molekul ɗaya, wanda ya riƙe O da H biyu a cikin H₂O. Akwai kuma jan da ke tsakanin wannan molekul da maƙwabcinsa. Na farko mai ƙarfi ne, na biyu rarrauna. Idan ƙanƙara ta narke ko ruwa ya tafasa, na biyun kaɗai ake rinjaya. Hujjar a bayyane take: tururin da ke tashi daga tukunya har yanzu H₂O ne. Da tafasa tana karya haɗin kobalen, da haidirojin da oksijin za su riƙa tashi daga kowane murhu.

Lissafi ma ya nuna tazarar. Mayar da mol ɗaya na ruwa tururi yana cin kusan kilojul 41. Karya mol ɗaya na haɗin O–H yana cin kusan kilojul 460, kuma kowane molekul na ruwa yana da irin wannan haɗi biyu. Abin da tafasa ke ci bai kai kashi ɗaya cikin ashirin na abin da wargaza molekul ɗin zai ci ba.

Saboda haka jumlar "yana narkewa da wuri domin haɗin kobalen ba shi da ƙarfi" kuskure ce ko da yaushe. Abin da za ka rubuta shi ne: abin yana da ƙananan molekul, jan da ke tsakanin molekul ɗin rarrauna ne, zafi kaɗan ya isa ya rinjaye shi, haɗin kobalen da ke ciki kuma bai karye ba. Kafur ɗin da ake sawa a akwatin tufafi, irin na naftalin, C₁₀H₈, yana bin wannan bayani daidai, har ma yana tashi a iska a hankali ba tare da an ɗumama shi ba.

Jan tsakanin molekul ma hawa-hawa ne. Jan van der Waals yana ƙaruwa idan molekul ya ƙara girma da yawan ilektaron. Shi ya sa Cl₂ ke narkewa a −101, Br₂ a −7, I₂ a 114: a zafin ɗaki na farko iska ne, na biyu ruwa-ruwa, na uku daskararre. Inda H ke manne da O, N ko F kuma, akwai haɗin haidirojin tsakanin molekul, wanda ya fi van der Waals ƙarfi. Ruwa yana tafasa a 100, H₂S kuma, duk da ya fi shi nauyi, a kusan −60. Duk da sunansa, haɗin haidirojin ja ne na tsakanin molekul, kada ka lissafa shi cikin haɗin kobalen.

Game da lantarki, bayanin gajere ne. Molekul ba shi da caji, ilektaron ɗinsa kuma suna riƙe a cikin haɗi ko a kan zarrarsu. Babu ayon, babu ilektaron masu yawo, don haka ba ya ɗauka ko yana daskare ko ya narke. Sukari yana narkewa a ruwa sarai, amma ruwan sukari ba ya kunna ƙwan fitila, domin molekul ɗin sukari sun rabu da juna ne kawai, ba su zama ayon ba.

Daimon da yashi ma kobalen ne, amma ba sa narkewa da sauƙi. Ba saɓani ke nan ba?

Babu saɓani, tsarin ne ya bambanta. A daimon babu ƙananan molekul. Kowace zarrar kabon tana haɗe da wasu huɗu da haɗin kobalen, su ma kowace da huɗu, har ƙwayar daimon ɗin gaba ɗaya ta zama ƙaton tsari guda. Ba yadda za a yi zarra ta motsa sai an karya haɗin kobalen kansa, shi ya sa ake bukatar zafin da ya haura 3500. A nan ne kaɗai, wato a ƙaton tsarin kobalen, ya halatta ka rubuta cewa narkewa na karya haɗin kobalen.

Kwatancen da aka fi so shi ne CO₂ da SiO₂. Kabon da silikon rukuninsu ɗaya a teburin sinadarai, fomulolin ma sun yi kama. Amma CO₂ ƙaramin molekul ne, daskararrensa yana komawa iska a −78. SiO₂, wanda shi ne mafi yawan abin da ke cikin yashi, ƙaton tsari ne: kowace silikon tana haɗe da oksijin huɗu, kowace oksijin da silikon biyu, kuma sai kusan 1700 yake narkewa. Idan aka tambaye ka wannan, ka ambaci tsarin kowanne, sannan ka ambaci abin da ake rinjaya a kowanne.

Daimon ba ya ɗaukar lantarki domin ilektaron huɗun waje na kowace zarra duk sun shiga haɗi, babu wanda ya rage.

Girafayit ba ƙarfe ba ne, ta yaya yake ɗaukar lantarki?

A girafayit kowace zarrar kabon tana haɗe da uku ne kawai, a cikin shimfiɗaɗɗun zobba masu kusurwa shida. Ilektaron na huɗu bai shiga haɗi da wata zarra takamaimai ba, yana yawo a faɗin shimfiɗar, shi ne ke ɗaukar lantarki. Shimfiɗun suna jere ɗaya bisa ɗaya, jan da ke tsakaninsu rarrauna ne, suna zamewa a kan juna. Wannan ya sa girafayit ke da laushi da santsi, ya sa bakin fensir ke barin alama a takarda.

Tarkon da ke nan shi ne a ɗauka laushinsa na nufin zai narke da wuri. Zamewar shimfiɗa abu ne daban da narkewa. Don ya narke sai an karya haɗin kobalen da ke cikin shimfiɗun, saboda haka shi ma sai zafi ya haura 3500. Laushi ka danganta shi da jan tsakanin shimfiɗu, zafin narkewa da haɗin kobalen na cikin shimfiɗa, lantarki da ilektaron na huɗu.

Idan haɗin ƙarfe iri ɗaya ne, me ya sa sodiyom ke narkewa a 98, baƙin ƙarfe kuma a 1538?

Irin haɗin ɗaya ne, ƙarfinsa ne ba ɗaya ba. Haɗin ƙarfe shi ne jan da ke tsakanin ayon masu cajin + da ilektaron masu yawo. Yana ƙaruwa idan kowace zarra ta saki ilektaron da yawa, cajin ayon ya ƙaru, ayon ɗin kuma ya ƙanƙance. Sodiyom yana sakin ɗaya, yana narkewa a 98. Magnesiyom yana sakin biyu, ayon ɗinsa ya fi ƙanƙanta, yana narkewa a 650. Idan aka gangara rukuni na ɗaya kuma, ayon na ƙara girma alhali ilektaron ɗaya ne kowanne ke saki: litiyom 181, sodiyom 98, potasiyom 63.

Alminiyom yana sakin uku, amma 660 yake narkewa, tazarar digiri goma kacal da magnesiyom. Kada wannan ya ruɗa ka. Narkewa ba ta kawar da haɗin ƙarfe, sassauta tsarin kawai take yi, kuma yadda zarra suka jeru a cikin kowane ƙarfe yana da tasiri. Wannan 660 ɗin ne ya sa maƙeran tukwane ke iya narkar da tsoffin gwangwanaye da kayan alminiyom a wutar gawayi mai zuga, su zuba a ƙirar ƙasa. Jan ƙarfe sai 1085, tangistin da ake yin zaren tsohon ƙwan lantarki da shi sai 3422. Makuri kuwa, Hg, ruwa-ruwa yake a zafin ɗaki, yana daskarewa ne a −39. Don haka ka rubuta cewa yawancin ƙarafa suna da zafin narkewa mai yawa, kada ka ce duka.

Ƙarfe yana ɗaukar lantarki yana daskare, yana ɗauka kuma bayan ya narke, domin ilektaron masu yawo suna nan a duka halin biyu. Bambancinsa da narkakken gishiri shi ne ƙarfen ba ya canzawa. Wayar jan ƙarfe za ta yi shekaru tana ɗaukar wuta tana nan jan ƙarfe. Narkakken abu na ayonik kuwa lantarkin yana wargaza shi: narkakken NaCl yana ba da sodiyom a sanda ɗaya, iskar kulorin a ɗaya.

HCl kobalen ne, amma ruwansa yana ɗaukar lantarki sosai. Me zan rubuta?

HCl zalla iska ne mai ƙananan molekul, yana tafasa a −85, ba ya ɗaukar lantarki. Idan ya shiga ruwa sai ya yi aiki da ruwan:

HCl + H₂O → H₃O⁺ + Cl⁻

A nan ruwa ne ya sa aka samu ayon, saɓanin gishiri da ayon ɗinsa ke nan tun farko. Idan aka narkar da HCl a cikin metilbenzin, wanda ba ya sa shi rabuwa, ba ya ɗaukar lantarki, ba ya kuma mayar da busasshiyar takardar litmos shuɗiya ja. Darasin da ke ciki ga mai jarrabawa shi ne ɗaukar lantarki a cikin ruwa kaɗai bai tabbatar da cewa abu na ayonik ne ba. Hujjar da ta fi ƙarfi ita ce ɗaukar lantarki bayan an narkar da abin da zafi, babu ruwa.

Ana kawo jadawalin abubuwa da haruffa a ce a gane kowanne. Ta ina ake farawa?

Ga misali, mu warware shi tare.

P: yana narkewa a 770, ba ya ɗaukar lantarki yana daskare, yana ɗauka idan ya narke.
Q: yana narkewa a 1085, yana ɗauka yana daskare, yana ɗauka idan ya narke.
R: yana narkewa a 114, ba ya ɗauka a duka halin biyu.
S: yana narkewa a kusan 1700, ba ya ɗauka a duka halin biyu, ba ya narkewa a ruwa.
T: yana narkewa a 98, yana ɗauka a duka halin biyu.

Yawancin ɗalibai suna farawa da zafin narkewa, nan suke ɓata. Wanda ya yi haka zai haɗa P, Q da S wuri guda ya kira su ayonik, ya haɗa R da T ya kira su kobalen, sai ya ci biyu cikin biyar. Ka fara da layin lantarki a daskare. Wanda ya ɗauka a nan yana da ilektaron masu yawo, wato ƙarfe ne ko girafayit. Q da T sun fita ke nan, kuma dukansu ƙarafa ne tunda zafinsu bai kusanci na girafayit ba. Zafin T kaɗan ne, amma hakan bai fitar da shi daga ƙarafa ba, yana nuna ƙarfen rukuni na ɗaya ne. Adadin na sodiyom ne, na Q kuma na jan ƙarfe.

Sai ka koma layin lantarki bayan narkewa ga waɗanda suka rage. P bai ɗauka a daskare ba, ya ɗauka da ya narke. Abu ɗaya ne ke yin wannan sauyi, shi ne na ayonik. Adadin na KCl ne.

Yanzu ne zafin narkewa ke da amfani, domin shi zai raba R da S, waɗanda dukansu kobalen ne. R a 114 ƙananan molekul ne, kamar ayodin. S a 1700 ƙaton tsarin kobalen ne, kamar SiO₂. Idan tambayar ta ce ka kawo dalili, ka ɗauko shi daga jadawalin da aka ba ka. Ga P, "zafin narkewarsa yana da yawa" bai isa ba, tunda Q da S ma haka suke. Abin da ya keɓe P shi ne bambancin da ke tsakanin halinsa a daskare da halinsa a narke.

Dokar "ƙarfe da wanda ba ƙarfe ba" tana aiki ko da yaushe? Ita kuma dokar 1.7 fa?

Tana aiki a mafi yawan abin da za ka gamu da shi, amma tana da iyaka. AlCl₃ marar ruwa ƙarfe ne da kulorin, amma yana komawa tururi a kusan 180, kuma narkakkensa ba ya ɗaukar lantarki sosai. Dalili shi ne Al³⁺ ƙarami ne mai caji uku, yana janyo ilektaron ɗin Cl⁻ zuwa gare shi har haɗin ya karkata ga tarayya. Al₂O₃ kuwa sai ya haura 2000 yake narkewa, narkakkensa yana ɗaukar lantarki.

Dokar 1.7 tana cewa idan bambancin ƙarfin jan ilektaron tsakanin zarra biyu ya wuce 1.7, haɗin ya fi karkata ga ayonik. Na yana da 0.9, Cl yana da 3.0, bambanci 2.1, ayonik. Al yana da 1.5, bambancinsa da Cl 1.5, ya karkata ga kobalen. Amma HF yana da bambancin 1.9 kuma molekul ne na kobalen. Ra'ayinmu shi ne idan an ba ka zafin narkewa da halin lantarki, ka bi su, domin su ne abin da aka auna. Dokokin biyu na lokacin da ba a ba ka komai ba sai fomula.

Abu ɗaya zai iya ƙunsar haɗi fiye da ɗaya?

Ƙwarai. NH₄Cl bai ƙunshi ƙarfe ba, amma tsakanin NH₄⁺ da Cl⁻ haɗin ayonik ne. A cikin NH₄⁺ kuma haɗin N–H huɗu ne na kobalen, ɗaya daga cikinsu ya samu ne da ilektaron biyu da naitirojin ya bayar shi kaɗai, wanda ake kira haɗin datib. Haka CaCO₃, NaOH da CuSO₄ suke, ayonik tsakanin ayon, kobalen a cikin ayon mai zarra da yawa. Wajen bayanin lantarki, ka ɗauke su a matsayin na ayonik.

Me ya sa guduma ke farfasa gishiri amma take shimfiɗa ƙarfe?

Idan duka ya gusar da layin ayon ɗaya a cikin gishiri, + ya zo daidai da +, − ya zo daidai da −, sai su ture juna, ƙwayar ta tsage. A ƙarfe layukan ayon suna zamewa a kan juna, ilektaron masu yawo suna bin su duk inda suka koma, jan bai yanke ba.

Yaya ake gwada wannan a ɗakin gwaji, kuma me ke ɓata sakamakon?

Kayan kaɗan ne: batir mai bolt 6, ƙaramin ƙwan fitila ko amita, wayoyi, da sandunan kabon biyu. Kafin komai ka haɗa sandunan biyu da juna ka ga ƙwan ya kama, don ka tabbatar da'irar lafiya take. Sannan ka gwada busasshen gishiri, ruwan gishiri, ruwan sukari, tataccen ruwa, guntun waya da bakin fensir, ɗaya bayan ɗaya.

Abubuwan da ke ɓata gwajin sanannu ne. Gishiri mai laima, musamman da damina, yana iya ɗan motsa allurar amita, domin laimar ta narkar da kaɗan daga cikinsa. Ruwan famfo ko na rijiya yana ɗauke da ayon, idan ka jiƙa sukari da shi amita za ta nuna wani abu, a ɗora wa sukari laifin da ba nasa ba. Sandar da ba a ɗauraye ba bayan ruwan gishiri tana kai ayon cikin kofi na gaba. Idan sandunan suka taɓa juna a cikin kofi, ƙwan zai kama ko da mene ne a ciki. Ƙwan fitila kuma ba ya nuna ƙaramin gudun lantarki, saboda haka ruwan asid mai rauni kamar etanoyik yana iya bayyana kamar ba ya ɗauka, alhali amita za ta nuna yana ɗauka kaɗan.

Don gwajin narkakke, ba a amfani da gishirin girki domin 801 ya yi wa fitilar Bunsen nisa. Littattafai suna kawo PbBr₂, wanda ke narkewa a 373. Da ya narke ƙwan zai kama, jan tururin buromin ya tashi a sanda mai cajin +, dalma ta taru a mai cajin −, da ya huce ya daskare kuma ƙwan ya mutu. Tururin buromin guba ne, wannan gwaji na malami ne a cikin akwatin zuƙe hayaƙi, ba na ɗalibi a gida ba.

Yaya cikakkiyar amsa take kama?

Ɗauki wannan tambaya: ka bayyana dalilin da ya sa MgCl₂ ke narkewa a 714, SiCl₄ kuma ruwa-ruwa ne a zafin ɗaki.

Ga irin amsar da ake yawan gani: "MgCl₂ ayonik ne, molekul ɗinsa suna da ƙarfi. SiCl₄ kobalen ne, haɗinsa ba shi da ƙarfi." An gane irin haɗin, amma dalilan biyu duk sun karye. MgCl₂ ba shi da molekul, haɗin Si–Cl kuma ba rarrauna ba ne.

Ga wadda ta cika: "MgCl₂ ƙaton latis ne na ayon Mg²⁺ da Cl⁻. Jan da ke tsakanin waɗannan ayon masu caji mai saɓani yana da ƙarfi, ana bukatar zafi mai yawa kafin a rinjaye shi. SiCl₄ ƙananan molekul ne. Jan van der Waals da ke tsakanin molekul ɗin rarrauna ne, zafi kaɗan ke rinjayarsa, haɗin kobalen na Si–Cl kuma ba ya karyewa wajen narkewa."

Kowane ɓangare ya faɗi tsari da ƙwayoyin da ke cikinsa, ya faɗi sunan jan da tsakanin su wa yake, ya faɗi yawan zafin da ake bukata. Ka kula da kalmar "shi" ko "su" marar mai ita. "Suna da ja mai ƙarfi a tsakaninsu" ba ta gaya wa mai duba takarda ko ayon kake nufi ko molekul ko zarra ba, kuma ba zai cike maka giɓin ba.

Layi na uku na teburin sinadarai yana fitowa a zanen girafi. Yaya ake bayyana hawa da saukarsa?

Ka raba shi gida uku. Na, Mg da Al ƙarafa ne, zafin yana hawa daga 98 zuwa 650 zuwa 660 saboda ƙarin ilektaron masu yawo da ƙarin caji. Si ne ƙololuwa, kusan 1410, domin ƙaton tsarin kobalen ne irin na daimon. Daga nan layin ya faɗo ƙasa, domin sauran ƙananan molekul ne, Ar kuma zarra ɗaiɗai. A cikinsu girman molekul ke jera su: S₈ a kusan 115, P₄ a 44, Cl₂ a −101, Ar a −189. Ɗan tudun da ake gani a kan farar wuta bayan fosfaras shi ne abin da aka fi tambaya, amsar kuma ita ce molekul mai zarra takwas ya fi mai zarra huɗu yawan ilektaron, jan van der Waals ɗinsa ya fi ƙarfi.

A ɓangaren lantarki, Na, Mg da Al suna ɗauka, kuma a cikin ukun alminiyom ne ya fi. Si yana ɗauka kaɗan, ɗaukarsa tana ƙaruwa idan ya yi zafi, saɓanin ƙarfe da tasa ke raguwa da zafi saboda kakkarwar ayon tana tare wa ilektaron hanya. Daga P zuwa Ar babu mai ɗauka.